Awon Fili da Tef da Kamfas: Abin da Giɓin Rufewa Yake Faɗa

Idan aka tashi sayen gona ko rabon gado, abin da aka saba gani shi ne a ɗauko tef, mutum biyu su ja shi a gefuna huɗu, a rubuta lambobin a bayan wata takarda, shaidu su sa hannu, a watse. Kowa ya gamsu an auna. Amma tsawon gefuna kaɗai ba ya tsayar da siffar fili. Ɗauki kara huɗu ka ɗaure bakunansu da zare, za ka ga kana iya karkata su dama da hagu, tsawon kowane kara bai canza ba, amma sararin da ke tsakaninsu yana raguwa. Haka fili yake. Wanda yake mita 100 a tsawo da mita 50 a faɗi, in kusurwoyinsa a miƙe suke, murabba'in mita 5,000 ne. In kusurwar ta karkace ta koma digiri 70 maimakon 90, gefunan suna nan yadda suke, amma filin ya koma kusan 4,700. An yi asarar murabba'in mita 300 ba tare da tef ya yi ƙarya ko sau ɗaya ba.

Wannan ne ya sa ma'auna suke haɗa tef da kamfas. Tef yana faɗin nisan da ke tsakanin turke da turke, kamfas kuma yana faɗin inda layin ya dosa. Ana farawa daga kusurwa ɗaya, a bi iyaka turke bayan turke har a dawo inda aka fara. Wannan shi ne rufaffen zagaye. Ƙimarsa tana cikin dawowar: a ƙasa ka tabbata ka dawo kan turkenka na farko, tunda ga shi a gabanka. Saboda haka idan ka zana lambobinka a takarda, ya kamata alƙalami ma ya dawo kan ɗigon farko. Kusan kullum ba ya dawowa daidai. Ɗan sararin da ya rage shi ake kira giɓin rufewa, kuma shi ne shaidar da aikin yake bayarwa a kan kansa. A ganina, duk awon da aka miƙa wa mai gona ba a rubuta giɓinsa ba, rabin awo ne.

Kayan aiki da shiga gona

Kayan ba su da yawa: tef mai mita 30 ko 50, kamfas, turaku, sanduna biyu dogaye da za a iya hangowa daga nesa, da littafi. Mutum uku sun isa. Kamfas ɗin da ma'auna suka fi amfani da shi yana da faifai mai juyawa da aka rubuta digiri 0 zuwa 360 a kansa, da siririn zare a tsaye na saiti, da ɗan gilashi mai kusurwa uku a wajen ido, wanda yake ba mutum damar kallon sandar da ke can nesa da lambar da ke kan faifai a lokaci guda. Yawanci an tsaga faifan zuwa rabin digiri. Ana ƙirga digiri daga arewa, a bi yadda hannun agogo yake tafiya: gabas 90, kudu 180, yamma 270.

Kafin a ja tef, sai an zaga gonar da ƙafa tare da mai ita da maƙwabtan iyaka. Duk inda iyaka ta karya, a kafa turke. Inda ta yi lanƙwasa, kamar bakin rafi, a yanka lanƙwasar zuwa gajerun layuka miƙaƙƙu. Sharaɗin shi ne wanda yake tsaye kan kowane turke ya iya hango na gabansa da na bayansa. Wannan zagayen ba ɓata lokaci ba ne, domin lissafi ba zai iya gyara turken da aka kafa a gonar wani ba.

Bari mu ɗauki misalin wata gona mai kusurwa huɗu, mu sa musu suna A, B, C da D, mu bi ta har ƙarshe. Mai kamfas ya tsaya daidai kan turken A, abokinsa ya tsayar da sanda a miƙe kan B. Ya riƙe kamfas a kwance sosai, ya jira faifan ya daina lilo, ya ɗora zaren kan sandar, can ƙasa kusa da gindinta inda karkacewar hannu ba ta da tasiri, ya karanta: digiri 40. Wannan shi ne karatun gaba na layin AB. Sai a ja tef daga A zuwa B, aka samu mita 92.0.

Jan tef yana da nasa ladabi. Layin mita 92 ya fi ƙarfin tef mai mita 30, don haka za a ja shi sau uku da ɗan ragowa, kuma kowane ja dole ya hau kan layi ɗaya. Mai riƙe baya shi ne yake saita na gaba, yana ce masa ya matsa dama ko hagu har ya yi daidai da sandar B. A ƙarshen kowane ja a soka tsinke a ƙasa, na baya ya riƙa tsince su, yawan tsinken da ke hannunsa shi ne yawan jan da aka yi. Tef ya zama a ɗame, kuma a kwance ko da ƙasa tana da gangara, domin taswira nisan kwance take nunawa. Mita 30 da aka auna a jikin tudu mai gangarar digiri 10, a kwance mita 29.5 ce kawai. Karkacewa daga layi, da lanƙwasar tef a tsakiya, da bin gangara, dukkansu gefe ɗaya suke ja: suna sa layi ya fito da tsawo fiye da gaskiyarsa.

Karatun baya, da ƙarfen da ke kusa

Da aka isa B, kafin a dubi C, mai kamfas zai juya ya sake duban A. Wannan shi ne karatun baya, kuma shi ne matakin da masu gaggawa suke tsallakewa. Tunda layi ɗaya ake kallo daga bakinsa biyu, bambancin karatun gaba da na baya dole ya zama digiri 180. Karatun gaba 40 ne, na baya ya zo 220. Lafiya lau. Layin BC ya ba da 120 a gaba, 300 a baya, tsawonsa mita 75.0. Shi ma lafiya.

A layin CD ne magana ta canza. Daga C an karanta 205, don haka ana sa ran 25 daga D. Sai aka ga 27. Aka duba layin ƙarshe: daga D zuwa A an karanta 298.5, amma daga A zuwa D an samu 116.5, wanda yake nufin karatun gaba ya kamata ya zama 296.5. A nan ma akwai rarar digiri 2. Lura da cewa karatun biyu da suka kauce duk a kan turken D aka ɗauke su, kuma duk sun kauce da adadi ɗaya zuwa gefe ɗaya. Wannan ba kuskuren ido ba ne. Akwai abin da yake jan allurar a D.

Allurar kamfas maganaɗisu ce, duk ƙarfen da ke kusa yana janta. Rufin kwano, shingen waya, turken lantarki, injin ban ruwa, babur da aka jingine a gindin bishiya, fartanya a kafaɗar mai kallo, har wayar salula da makullan da ke aljihun mai awon kansa. A wasu wurare duwatsun ƙarƙashin ƙasa ne suke yin haka. Abin da za a iya kawarwa sai a kawar a sake karatu. Wanda ba ya kawuwa sai a gyara shi da lissafi, kuma gyaran yana da sauƙi, domin jan da ke wuri ɗaya yana karkata duk karatun da aka ɗauka a wurin da adadi ɗaya. A gonarmu turakun A, B da C sun wanke junansu, tunda layukan da suka haɗa su sun ba da 180 cif. Sai mu amince da su, mu cire digiri 2 daga duk abin da aka karanta a D. Littafin ya koma haka:

AB: digiri 40, mita 92.0
BC: digiri 120, mita 75.0
CD: digiri 205, mita 84.0
DA: digiri 296.5, mita 98.0

Kewayen gonar gaba ɗaya mita 349 ke nan. Kada wani ya raina digiri 2. Digiri ɗaya tak yana kautar da ƙarshen layin mita 100 da kusan mita 1.75. A kan layin DA mai mita 98, digiri 2 sun kai kusan mita uku da rabi.

Zana shi a takarda

Mataki na farko shi ne zaɓen sikeli. A sikelin 1:1,000, santimita ɗaya a takarda tana wakiltar mita 10 a ƙasa, don haka AB zai zama santimita 9.2, kuma gonar duka za ta shiga takardar rubutu ta yau da kullum. Takarda mai layukan murabba'i ta fi, domin layukanta na tsaye suna zama maka arewa a ko'ina.

Sa ɗigon A a gefen hagu, wajen tsakiyar tsayin takardar, tunda gonar za ta bazu gabas. Ɗora ma'aunin kusurwa, wannan faifan roba na cikin akwatin lissafin 'yan makaranta, tsakiyarsa kan A, sifilinsa yana duban arewa. Ƙirga 40 ta hannun dama, yi alama, ja layi, auna santimita 9.2 da rula. Ka samu B. A kan B sake ɗora ma'aunin, sifilinsa yana duban arewa kamar ɗazu, ka ƙirga 120, ka auna 7.5. Inda masu koyo suka fi faɗuwa shi ne nan: su ɗora sifilin kan layin da suka gama ja maimakon kan arewa. Kowane digiri daga arewa ake ƙirga shi, a kowane turke. In ma'auninka rabin da'ira ne, digirin da ya wuce 180 sai ka juya shi gefen hagu, ka cire 180, ka ƙirga ragowar daga kudu: 205 ya zama 25 daga kudu zuwa yamma.

Idan ka ja layin ƙarshe, santimita 9.8 a kan digiri 296.5, bakin fensir zai sauka kusa da A, amma ba a kansa ba. Zai tsaya kamar milimita ɗaya arewa maso gabas da shi. A nan jarraba take zuwa, hannu yana so ya ɗan lanƙwasa layin ya haɗe bakin, zane ya fito tsaf. Wanda ya yi haka ya goge shaidar da ya sha rana yana tarawa. Abin da ya dace shi ne a sa wa ɗigon da aka sauka alama dabam, a auna nisansa da A, a rubuta. Milimita ɗaya a wannan sikeli mita ɗaya ce a gona.

Sai dai zane yana da iyakarsa. Kaurin layin fensir kansa yana iya kai rabin milimita, wato rabin mita a ƙasa. Don haka giɓin da ka gani a takarda haɗin kuskuren gona ne da kuskuren hannunka. Sikelin 1:500 zai ninka giɓin ya zama milimita biyu, ya fi ganuwa, amma zai buƙaci takarda babba. Wanda yake son ainihin adadin sai ya koma ga lissafi.

Lissafin giɓi

Tunanin da ke ƙarƙashin lissafin kowa ya san shi. Mutumin da ya bar ƙofar gidansa ya zaga ya dawo, duk takun da ya yi arewa ya rama shi kudu, duk wanda ya yi gabas ya rama shi yamma. Aikinmu shi ne mu raba kowane layi gida biyu: nawa ya kai mu arewa ko kudu, nawa ya kai mu gabas ko yamma. Kalkuletar 'yan sakandare tana yin wannan da maɓallai biyu, muddin tana kan DEG:

```
arewa = tsawo × cos(digiri)
gabas = tsawo × sin(digiri)
```

In amsar ta fito da alamar ragi, ta farko tana nufin kudu, ta biyu tana nufin yamma. Layin AB ya kai mu mita 70.48 arewa da 59.14 gabas. BC ya kai mu 37.50 kudu da 64.95 gabas. CD ya kai mu 76.13 kudu da 35.50 yamma. DA ya dawo da mu 43.73 arewa da 87.70 yamma.

Yanzu a tara. Tafiyar arewa 114.21, ta kudu 113.63, an bar rarar mita 0.58 zuwa arewa. Tafiyar gabas 124.09, ta yamma 123.20, an bar rarar mita 0.89 zuwa gabas. Wato bisa lambobinmu, mun tsaya santimita 58 arewa da turken A, santimita 89 gabas da shi. Nisan kai tsaye tsakanin nan da turken ana samunsa da ƙa'idar nan ta alwatika mai miƙaƙƙiyar kusurwa da ake koyarwa a ƙaramar sakandare:

```
√(0.58² + 0.89²) = 1.06
349 ÷ 1.06 = 329
```

Giɓin rufewa mita 1.06 ne. Amma wannan lambar ita kaɗai ba ta ce komai ba tukuna. Mita ɗaya a kewayen kilomita biyu aiki ne mai kyau ƙwarai, mita ɗaya a kewayen fuloti ɗaya abin kunya ne. Shi ya sa ake raba kewaye da giɓi. Namu ya ba da kusan 1 cikin 330, wato a kowace mita 330 da muka taka mun kauce da mita ɗaya. Wasu suna rubuta shi a matsayin kashi 0.3 cikin ɗari. Duk ɗaya ne.

To, wannan ya isa ko bai isa ba? Duk hukumar da ta tura ma'aikata awo tana tsayar musu da iyakar da za ta karɓa, kuma ya kamata a san iyakar kafin a shiga gona, ba bayan an ga sakamako ba. Amma kayan aikin kansa yana ba mu ma'auni. Faifan da aka tsaga a rabin digiri, mai ido mai kyau zai iya kuskure rubu'in digiri, kuma rubu'in digiri daidai yake da kaucewar 1 cikin 230 a kan layi ɗaya. Tunda kurakuran layuka sukan cinye juna kaɗan, 1 cikin 330 abu ne da ake sa ran samu daga aikin da aka yi da natsuwa. Da ba mu ɗauki karatun baya ba, muka yi amfani da 298.5 yadda ya zo, giɓin zai haura zuwa mita 4.4, wato 1 cikin 80. Wannan ya fi ƙarfin tangarɗar ido, yana nuna akwai abin da ya lalace.

Giɓi yana nuna inda ɓarnar take

Abin da ya fi burge ni a wannan aiki shi ne giɓi babba ba ya tsayawa ga cewa an yi kuskure, yakan nuna wajen da za a duba. Giɓi yana da tsawo, yana kuma da inda ya dosa. In kuskure ɗaya ne babba kuma a tsawon layi yake, giɓin zai kwanta a jere da wannan layin. A ce mai rubutu ya juya lamba, ya rubuta 57 a madadin 75 a layin BC. Lissafi zai ba da giɓin kusan mita 17.5 yana dosar digiri 303. Layin BC yana kan 120 da 300, ga shi kusan a jere. Sai dai layin DA ma yana kan 296.5, shi ma bai yi nisa ba, don haka waɗanda ake zargi biyu ne. Duk da haka an rage aiki: layi biyu za a sake ja, ba huɗu ba. In kuma tsawon giɓin ya zo kusa da mita 30, kusan tabbas an manta jan tef ɗaya a ƙirga.

In kuskuren a digiri yake, giɓin yakan gitta layin da abin ya shafa, kamar yadda ƙarshen layin ya kauce gefe. Wannan dabara tana aiki ne idan babban kuskuren guda ɗaya ne. In sun kai biyu, alamar ta rikice, babu abin yi sai a sake zagayen. Saboda wannan ne ya fi kyau a yi lissafin a gindin bishiya kafin a tuge turaku, maimakon a bari sai an koma gida.

Raba ƙaramin giɓi

Giɓin da ya faɗo cikin iyaka ba a jefar da shi, ba a kuma ɗora wa layin ƙarshe shi kaɗai, tunda ba shi kaɗai ya haifar da shi ba. Ana raba shi ga dukkan layuka gwargwadon tsawonsu. Ƙa'idar tana ɗauke da sunan Nathaniel Bowditch, wani Ba'amurke masanin lissafi da tuƙin jirgin ruwa, wanda ya gabatar da ita a 1808. Hujjarta ita ce dogon layi ya fi gajere damar tara kuskure, don haka ya ɗauki kaso mafi girma.

A aikace, kowane turke yana matsawa gwargwadon nisan da aka yi kafin a iso shi. An iso B bayan mita 92 cikin 349, don haka ya matsa santimita 28. An iso C bayan mita 167, ya matsa santimita 51. An iso D bayan mita 251, ya matsa santimita 76. Ɗigon ƙarshe ya matsa mita 1.06 cif, ya hau kan A. Dukkansu gefe ɗaya suke matsawa, kudu maso yamma, akasin inda giɓin ya dosa. A takarda ake wannan matsawar, turakun da ke gona ba a taɓa su. Kuma a sani cewa rabon bai mai da awon daidai ba, ya dai hana kuskuren taruwa a wuri ɗaya. Wanda ya ɗauki giɓin mita 17 ya raba shi haka, ya ɓata layuka uku masu kyau don ya rufa wa ɗaya asiri.

Da zane ya rufe, sai a fitar da girman gonar. Ja layi daga A zuwa C, gonar ta rabu alwatika biyu. Layin ya kai kusan mita 128. Nisan B daga wannan layi, in an auna shi a miƙe, mita 53 ne, na D kuma 64.5. Girman kowace alwatika rabin gindi ne sau tsayi, jimillarsu kusan murabba'in mita 7,520. Kadada ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, don haka gonar kashi uku cikin huɗu na kadada ce, ko kuma eka biyu ba kaɗan, tunda eka ɗaya 4,047 ce. Da an bi hanyar da aka saba, a ɗauki matsakaicin gefuna masu fuskantar juna a ninka, wato 88 sau 86.5, da an samu 7,612. Wannan hanyar ba ta taɓa rage fili, ƙara shi take yi, kuma ƙarin yana girma gwargwadon karkacewar kusurwoyi. Mai saye ne yake biyan kuɗin ƙasar da babu ita.

Abin da giɓi ba ya gani

Ƙaramin giɓi yana tabbatar da cewa lambobinka sun yarda da junansu. Bai tabbatar da cewa sun yarda da ƙasa ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin akwai kuskuren da yake wucewa ta gabansa bai ɗaga kai ba.

Babba a cikinsu shi ne tef marar gaskiya. Tef ɗin leda ko na zare yana miƙewa da tsufa da yawan ja. A ce wanda aka rubuta wa mita 30 ya koma 30.3. Kowane layi zai fito da ragin kashi ɗaya cikin ɗari, duka huɗun daidai wa daida, siffar ta tsuke ba tare da ta karkace ba, zagayen ya rufe kamar yadda zai rufe da tef mai kyau. Amma girman gonar ya ragu da kashi biyu cikin ɗari, kimanin murabba'in mita 150 a gonarmu. Tef ɗin da bakinsa ya tsinke aka ɗaure shi kuwa akasin haka yake yi, yana ƙara wa kowane ja abin da ya guntule. Maganin wannan ba ya cikin lissafi. Sai a shimfiɗa tef ɗin aiki kusa da sabon tef na ƙarfe kafin a fita, a ga ko bakunansu sun zo ɗaya.

Haka nan kamfas da yake da karkata ta dindindin yana juya dukkan zanen ne gaba ɗaya, girman gona bai canza ba, giɓi bai canza ba, amma arewar da ke takardar ba ita ce ta ƙasa ba. Ko kamfas mai lafiya ma arewar maganaɗisu yake nunawa, wadda ta ɗan bambanta da arewar taswira, kuma tana sauyawa a hankali da shekaru. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar bambancin ƙarami ne a wannan zamani, amma duk da haka a rubuta ranar awo a jikin zanen, saboda wanda zai zo neman turakun bayan shekaru.

Daga nan ake gane inda wannan hanya ta dace da inda ba ta dace ba. A gona, don sanin yawan taki da iri, ko kuɗin haya, ko share fagen rabon gado, tef da kamfas sun wadatar, kuma malaman gona sun daɗe suna aiki da su. A fulotin cikin gari lamarin dabam ne. Kuskuren rabin digiri a kan layin ƙafa 100 ya kai santimita 27, ya fi kaurin bulo mai inci tara, ga kuma kwano da rodi da wayoyin lantarki ta ko'ina suna jan allura. Awon da za a kafa katanga a kansa ko a nemi takardar mallaka da shi yana buƙatar na'urorin da suke rufe zagaye da giɓin ɗaya cikin dubbai. A Najeriya irin wannan taswira safiyo mai rajista da hukumar SURCON ne yake sa mata hannu, kuma ita ce ofisoshin filaye irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna suke aiki da irinta. Zanen tef da kamfas ba ya maye gurbinta.

Mai gonar da aka yi wa awo da tef da kamfas yana da haƙƙin ya karɓi fiye da lamba ɗaya. Ya nemi a ba shi tsawo da digirin kowane layi, gaba da baya, da ranar awo, da giɓin rufewa kafin a raba shi. Da waɗannan a hannu, duk wani ɗan sakandare mai kalkuleta a gidan zai iya sake lissafin cikin rabin sa'a ya ga ko kadadar da aka faɗa ta fito.